Yara Nawa Ne a Hannunki da Dare? Yadda Ake Rubuta Bidiyon Neman Ma'aikatan Jinya

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana jinyar ɗa ko mahaifi ya san yadda ƙarfe 2 na dare take. An rage fitilu, masu jinya sun shimfiɗa tabarmi a baranda, nas ɗaya ko biyu suna ta kai da komo tsakanin gadaje. Wannan ruwansa ya ƙare, wancan zazzaɓinsa ya hau, can ƙurya wata uwa tana kiran "Sista, ki zo ki duba min shi." Aikin jinya ke nan a yawancin asibitocinmu. Amma idan asibiti ya tashi yin bidiyon neman ma'aikata, sau da yawa wani abu dabam ake nunawa: hoton gini daga sama, shugaban asibiti zaune a ofis yana bayani, nas-nas sun jeru cikin farin kaya suna murmushi, kiɗa yana tashi a ƙasa-ƙasa. Nas ɗin da ake nema takan kalla ta wuce, domin babu inda aka amsa tambayar da ke ranta.

Abin da ya sa asibitoci suka fara damuwa da irin wannan bidiyo ba ɓoyayye ba ne. A watan Fabrairun 2024, magatakardan hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Najeriya, wadda aka fi sani da NMCN, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Waɗanda suka rage suna da zaɓi. Asibitin koyarwa yana nemansu, ƙungiyoyin agaji suna nemansu, asibitocin kuɗi na manyan birane suna nemansu. Babban asibitin da ke hedikwatar wata ƙaramar hukuma ba zai iya gasa da waɗannan a kuɗi ba. Abin da zai iya yi, wanda kuma nake ganin ya fi komai amfani, shi ne ya faɗi gaskiyar aikinsa tun kafin mutum ya aiko da takardarsa.

Wannan ba sabon tunani ba ne. A 1973 wani masanin harkar ma'aikata a Amurka, John Wanous, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a wani kamfanin tarho. An raba sababbin ma'aikatan haɗa waya gida biyu. Kashi ɗaya aka nuna musu fim irin na talla, mai yabon aikin kawai. Ɗaya kashin aka nuna musu fim mai haɗa daɗin aikin da wuyarsa. Fim ɗin gaskiyar bai kori mutane daga karɓar aikin ba, kuma waɗanda suka kalle shi, da suka fara aiki, tunanin ajiye aikin bai dame su kamar sauran ba. Dalilin a fili yake. Wanda aka gaya wa akwai tudu a gaba yakan tanadi numfashi. Wanda aka ce masa hanya shimfiɗaɗɗiya ce, da ya ci karo da tudun sai ya ji an yaudare shi, kuma daga ranar ya daina yarda da sauran abin da aka gaya masa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce babban asibiti ne a wani gari na Arewa, yana da ɗakin yara mai gado 30 da nas 11, yana son ƙarin nas 8 kafin damina ta kankama. Daga watan Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro kan cika ɗakin har yara su kai 45, wasu biyu a gado ɗaya. Nas biyu ne ke kwana. Idan aka samu mutum 8 ɗin, masu kwana za su zama uku. Waɗannan alƙaluma na misali ne, amma duk wanda ya san ɗakin yara da damina zai gane fasalinsu.

Kafin a rubuta komai

Kuskuren farko da ake yi shi ne marubuci ya zauna a ofishin shugaban asibiti, a ba shi bayani, ya koma gida ya rubuta wa kowace nas abin da za ta faɗa. Maganar da aka haddace tana da kamanni. Idon mai magana yakan tafi sama yana neman kalma ta gaba, jimlolin sukan fito santal babu tuntuɓe, kuma kalmomin ba irin waɗanda ake faɗa a ɗakin marasa lafiya ba ne. Nas ba ta cewa tana aiki a "yanayi mai cike da ƙalubale." Cewa take yi, "jiya ban zauna ba sai bayan Asuba."

Saboda haka marubucin ya fara kwana a ɗakin. Da izinin hukumar asibiti, ya zo dutin dare guda, babu kyamara, sai littafi da biro. Ya lura da abin da hannu ke yi, da abin da kunne ke ji, da lokacin da aiki ke cakuɗewa. Zai ga cewa yaron da aka kwantar da rana da zazzaɓi mai tsanani, aka yi masa allurar atesunet ta farko, allurarsa ta biyu za ta faɗo bayan awa 12, wato cikin dare, kuma ba shi kaɗai ba ne. Zai ga cewa idan aka ɗaura wa yaro jini, nas ba ta yin nisa a mintuna 15 na farko, domin a nan ne matsala ta fi nuna kanta. Zai ji yadda sautin injin oksijin ke yankewa idan aka ɗauke wuta, da yadda ƙafafu ke saurin nufar tukunyar oksijin ta ajiya. Babu marubucin da zai ƙirƙiro waɗannan daga ofis. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan nan sai hira. Mutum huɗu sun isa: shugabar ɗakin, nas ɗin da ba ta kai shekara da fara aiki ba, wata mai iyali da ta daɗe, da nas namiji. Na ƙarshen yana da muhimmanci, domin maza da yawa suna cikin wannan aiki a Arewa, kuma bidiyon da babu namiji ko ɗaya yana gaya musu ba da su ake ba. A yi hirar mutum ɗaya-ɗaya, a ɗakin da babu wani babba zaune. Ƙaramar nas ba za ta faɗi abin da ke ranta a gaban wadda ke rubuta jadawalin dutinta ba, kuma babu laifinta a nan.

Tambayar ma tana da salo. Idan ka ce "yaya kike jin daɗin aikinki?" amsar da za ka samu ita ce "alhamdulillahi," ka kuma tashi hannu rabbana. Tambayi abin da ya faru. "Sista, ba ni labarin dutin darenki na ƙarshe, tun daga shigowarki." "Me kika tarar a makonki na farko wanda ba a gaya miki a makaranta ba?" "Wace rana kika yi niyyar ajiye aikin, me ya hana ki?" "Idan ƙanwarki ce za ta zo nan, me za ki gaya mata ta shirya?" A naɗi muryoyin, a kwafe su a takarda kalma da kalma, sannan a zaɓi jimlolin da za su shiga. Aikin marubucin a nan zaɓe ne da jerawa. Ranar ɗaukar hoto ba a miƙa wa kowa takarda. Sai dai a sake yi masa tambayar da ta fito da waccan magana, ya faɗe ta yadda ta zo masa.

Rubutun kansa

Ana raba takarda gida biyu daga sama zuwa ƙasa. Hagu abin da ido zai gani, dama abin da kunne zai ji. Minti 3 sun wadatar, domin a waya za a kalla, a rukunin WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantar jinya, kuma kowa yana lissafin datarsa. Hanyar gane ko magana ta yi yawa ita ce a karanta ta da ƙarfi ana duba agogo. Idan karatun kaɗai ya cinye minti 3, to a rage, domin hoto ma yana buƙatar wurin da zai yi magana ba tare da murya ba. Ga yadda rubutun misalinmu zai kasance.

Fitowa ta 1, daƙiƙa 20. Ƙarfe 9 saura na dare. Kyamara tana bin bayan wata nas daga ƙofar asibiti, jaka a kafaɗa, fulas ɗin shayi a hannu. Babu kiɗa, sai ƙarar janareto daga nesa da sallamar maigadi. Ta shiga, ta wanke hannu, ta tsaya kusa da wadda za ta karɓa, littafin miƙa aiki a buɗe tsakaninsu. Muryarta tana tafiya a kan hoton: "Nakan shigo ƙarfe 9 na dare, in fita ƙarfe 8 na safe. Abu na farko, sai na zagaya na ga kowane yaro da idona kafin in sa hannu na karɓa."

Fitowa ta 2, daƙiƙa 35. Shugabar ɗakin, tsaye a bakin teburin nas-nas, tana kallon mai tambaya: "Gado 30 gare mu. Da rani mukan samu sauƙi. Da damina yara sukan kai 45, kuma mutum biyu ne ke kwana. Ka ga kowacce tana da sama da 20 ke nan. Yawa ne, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa muke neman mutum 8, don masu kwana su zama uku." Alƙaluman suna fitowa a rubuce a ƙasan hoton yayin da take faɗar su.

A nan ne za a yi gardama da hukumar asibiti, kuma a nan ne nake roƙon marubuci ya tsaya da ƙafarsa. Za a ce wannan tonon asiri ne, wa zai zo idan ya ji haka? Amsar ita ce duk nas ɗin da ta yi karatun aiki a ɗakin yara ta riga ta san lissafin. Idan bidiyon bai faɗa ba, za ta buga wa ƙawarta da ke aiki a can ta tambaya, kuma ƙawar za ta gaya mata har da ƙari. Faɗin adadin da bakin shugabar ɗaki shi ne ke sa a gaskata sauran bidiyon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin lura kawai shi ne jimlar ƙarshe, wadda ta ce masu kwana za su zama uku, alkawari ce. Idan hukumar ba ta tabbatar cewa sababbin za su tsaya a ɗakin yara ba, ana iya rarraba su zuwa wasu sassa, to a cire jimlar. Gara a faɗi wahalar ita kaɗai da a jingina mata alkawarin da ba a da niyyar cikawa.

Fitowa ta 3, daƙiƙa 40. Hannuwa kawai: ana zuƙar magani a sirinji, ana duba sunan kwalba a ƙarƙashin fitila, ana daidaita ɗigon ruwa, biro yana cika takardar awo. Muryar sabuwar nas: "Ranar farko da aka ce in nemo jijiya a hannun yaron da gudawa ta ƙarar da ruwan jikinsa, sau biyu ina gwadawa ban samu ba. Hannuna rawa yake yi. Sista ta zo ta ce, matso ki gani. Ba ta yi min faɗa a gaban uwar yaron ba. Mako 4 na yi ina bin ta kafin a sa ni kwana." Wannan fitowar tana amsa tsoron da sabuwar nas ba ta faɗa a intabiyu: shin za a jefa ni ni kaɗai? Idan asibitin yana da tsarin haɗa sabo da tsoho, nan ne wurin nuna shi, da adadin makonnin. Idan ba shi da shi, bai kamata a ƙirƙiro shi don kyamara ba. Ya kamata a kafa shi tukuna, domin ba ya cin kuɗi sai jadawali.

Fitowa ta 4, daƙiƙa 40, ita ce mafi nauyi. Baranda da dare, fitilar sola guda, tukunyar oksijin jingine da bango. Nas namiji: "Wuta takan ɗauke. Sola tana riƙe fitilu da injin oksijin biyu, sauran sai tukunya. Akwai daren da za ka zaɓi wanda ya fi buƙata." Sai nas mai iyali, zaune a benci: "Yara suna rasuwa a hannunmu, musamman waɗanda aka kawo a makare. Wani uban yakan huce a kanki, ki san ba ke ce damuwarsa ba. Nakan fita bayan ɗaki in yi kukana, in wanke fuska in dawo, don akwai saura." Bayan wannan magana a bar daƙiƙa 3 ko 4 babu murya. Mai tace fim zai so ya cike gurbin da kiɗa mai taɓa zuciya. A hana shi. Kiɗan zai mai da maganar ta zama wasan kwaikwayo, alhali ƙarfinta shi ne an faɗe ta a yadda take.

Akwai iyaka a nan da ya kamata a kiyaye. Bayyana wahalar aiki dabam, yin amfani da mutuwar yara don jan ido dabam. Ba a nuna gawa, ba a nuna uwa tana kuka, ba a nuna yaro yana jijjiga. Bakin ma'aikaci ya isa ya ɗauki wannan ɓangare. Haka batun yara biyu a gado ɗaya: a faɗe shi, ba sai an haska su ba.

Fitowa ta 5, daƙiƙa 25. Gari ya waye. An cire zanen gado ana shimfiɗa sabo. Daga nesa, ta baya, wata mata da goyo tana fita ƙofa. Muryar nas ɗin farko: "Wanda aka kawo ranar Litinin bai san inda kansa yake ba, yau shi ne yake ƙwace kofin koko a hannun uwarsa. Da za su tafi ta ce min, 'yata, Allah ya ba ki masu yi miki. To, abin da ke dawo da ni ke nan." Ba a buƙatar wata murya daga sama ta zo ta yi bayanin darajar aikin jinya. Wadda ake nema ta san darajarsa tun ranar da ta zaɓi makarantar.

Fitowa ta 6, daƙiƙa 20, rubutu ne zalla a kan allo, kuma shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A rubuta guraben da ake da su, da shaidar da ake buƙata, wato rajista da lasisin NMCN mai aiki. A rubuta lokutan duti uku da yawan dararen da mutum zai yi a jere. A rubuta ko akwai gidan ma'aikata, ɗaki nawa, da ko akwai ruwa. A rubuta ranar rufewa da hanya guda ta aika takarda. Sannan kuɗi. Kalmar "albashi mai tsoka" ba ta gaya wa kowa komai. Asibitocin gwamnati suna biyan nas-nas a kan tsarin CONHESS, amma abin da ke shiga asusun mutum yakan bambanta tsakanin tarayya da jihohi, don haka a faɗi matakin da za a ɗauki mutum, da abin da zai karɓa a hannu, da ko alawus ɗin duti yana ciki. Jimlar ƙarshe kuma ta zauna a allo har a iya karanta ta sau biyu: ba a biyan ko kwabo don neman wannan aiki. Masu damfara sukan ɗauki irin wannan sanarwa su liƙa lambar wayarsu, don haka hanyar aikawar ta kasance a cikin hoton bidiyon kansa, ba a rubutun da ke rakiyarsa kaɗai ba.

Game da harshe, a bar kowa ya yi magana da harshen da yake aiki da shi, Hausa da ɗan Turancin da ke shigowa, sannan a sa fassarar Turanci a ƙasa. Mutane da yawa suna kallo ne da murya a kashe, kuma wata nas ɗin daga wata jiha za ta zo. Idan ba a iya aikin ɗakin sai da jin Hausa, domin iyayen yara da ita suke bayani, a faɗi wannan ma a allon ƙarshe.

Mutuncin wanda ke kan gado

Wannan ɓangare ya fi duk sauran damuna, domin wanda zai cutu a cikinsa bai nemi shiga fim ba, magani ya zo nema. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan mara lafiya sirri ne, har da kasancewarsa a asibitin. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ita ma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake yi wa kariya ta musamman. Amma ko babu doka, akwai abin da hankali ke gani. Uwar da ɗanta ke kwance da ƙarin ruwa, idan nas ɗin da ke kula da shi ta ce mata "Mama, za a ɗan ɗauki hoto," ba za ta iya cewa a'a ba. Tsoro take kada a sauya mata fuska. Wannan amincewar ba amincewa ba ce, ko da ta dangwala yatsa a takarda.

Hanya mafi tsafta ita ce a rubuta bidiyon yadda ba ya buƙatar fuskar mara lafiya ko ɗaya, kamar yadda misalinmu ya yi: hannuwan ma'aikata, kayan aiki, baranda, gadon da babu kowa. Matar da ke fita da goyo a fitowa ta 5 tana iya zama ma'aikaciyar asibitin da ta yarda, ko uwar da aka riga aka sallama, wani da ba ya cikin masu jinyar ɗanta ya nemi izininta, ya gaya mata inda bidiyon zai je, ya ba ta lokaci ta shawarci mai gidanta. Dusashe fuska ba ya wadatarwa a ƙaramin gari. Ana gane mutum da zaninsa, da lallen ƙafarsa, da kwanon da ke gefen gado. Kafin a kunna kyamara, mutum ɗaya ya zagaya ya kife fayiloli, ya rufe allon da ake rubuta sunaye, ya juya takardun da ke rataye a jikin gadaje. Bayan an gama, a saurari sautin da abin kunne, domin makirufo yakan kama muryar da ke kiran sunan yaro daga can nesa. A fitowa ta 1 ma, littafin miƙa aikin da za a haska ya zama sabo ne, aka cika shi da bayanan da ba na kowa ba.

Ma'aikatan su ma suna da haƙƙin ƙi. Kowa ya ga ɓangarensa bayan an tace kafin a saki, musamman wadda ta yi maganar kuka a bayan ɗaki. Idan ta ce a cire, a cire, ko a bar muryar a ɗauke fuskar. Kuma hukumar asibiti ta yarda tun farko, a rubuce, cewa babu wanda za a hukunta kan abin da ya faɗa. In ba haka ba, marubucin ya tafi da kuɗin aikinsa ya bar ƙaramar nas da tsangwama.

Akwai kuma kurakuran da mai ɗaukar hoto ba zai gani ba, amma nas za ta gani cikin daƙiƙa guda: safar hannu a hannun mai rubutu ko mai riƙe waya, zobe da dogon farce wajen yin allura, allurar da aka yi amfani da ita ajiye a kan gado maimakon cikin akwatinta, na'urar awo da aka aro daga ɗakin tiyata aka girka ba a ma jona ta ba. Na ƙarshen ya fi muni, domin ƙarya ce da hoto. Sabuwar nas za ta zo ta nemi na'urar ta rasa. Maganin duka shi ne a sa ƙwararriyar nas guda kusa da kyamara, a ba ta ikon tsayar da ɗauka. Kuma ɗaukar ta bi aikin ɗakin: mutum biyu, kyamara ɗaya, ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, babu manyan fitilu, kuma duk lokacin da aka shigo da yaro a gigice a kashe komai a matsa gefe.

Yadda ake gane ko ya yi aiki

Yawan waɗanda suka kalla ba ma'auni ba ne. Asibitinmu mutum 8 yake nema. Abin ƙirgawa shi ne masu lasisi nawa suka aiko, nawa suka zo intabiyu, nawa suka kama aiki, kuma nawa suke nan bayan damina ta wuce. Idan masu aikowa suka ragu amma waɗanda suka zo suna tambayar yadda ake raba gadaje tsakanin masu kwana, bidiyon ya yi abin da aka yi shi dominsa: waɗanda ba za su iya ba sun janye tun daga gida, ba bayan an horar da su wata biyu ba. Idan kuwa babu wanda ya aiko sam, ba lallai laifin rubutun ba ne. Bidiyo ba ya ƙara albashi, ba ya gyara gidan ma'aikata. Wataƙila abin da aka nuna ne yake buƙatar gyara, kuma hukumar ta samu labarin da wuri.

Bayan wata 3 da kama aiki, a zauna da sababbin ɗaya-ɗaya a yi musu tambaya guda: me kika tarar a nan wanda bidiyon bai gaya miki ba? Idan mutum uku cikin takwas suka ambaci abu ɗaya, misali cewa babu motar haya daga bakin asibitin bayan ƙarfe 9 na dare, ko alawus yakan yi jinkiri, wannan ya shiga rubutu na gaba. A kuma sa wata da shekarar ɗauka a kusurwar allon ƙarshe, domin bidiyo yakan ci gaba da yawo a waya bayan an rufe guraben. Ranar da masu kwana suka zama uku, ko shugabar ɗakin ta sauya, a janye tsohon daga shafin asibitin, a sake ɗaukar fitowa ta 2 da ta 6 da sababbin alƙaluma.